An ga kumburin ƙoda a sikanin ɗan da ke ciki: me zai biyo baya in an haife shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Jega nake. Iyalina na da ciki wata bakwai da 'yan kwanaki, mako 32 a katin awo. An yi mata sikanin aka ce namiji ne, ƙodojinsa duka biyu sun kumbura, ta dama milimita 14, ta hagu 17, mafitsararsa kuma ta cika ta yi kauri. An rubuta ana zargin PUV, ruwan mahaifa kuma santimita 11. Sikanin da aka yi a wata biyar lafiya lau aka ce. Wani ya ce a yi mata tiyata a ciro shi tun yanzu kafin ƙodar ta lalace, mahaifiyata kuma ta ce in ya fito ya yi fitsari shi ke nan. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya sauke ta lafiya. Duka shawarwarin biyu kada ka bi ko ɗaya, kuma ta Hajiya ce ta fi ba ni tsoro, duk da ita ce ta fi daɗin ji.

Fitsarin ɗa namiji yana fitowa daga mafitsara ya bi bututu ɗaya har kan gaba. A can farkon bututun, dab da wuyan mafitsara, wasu yaran ana halittarsu da wani siririn tantani mai kama da aljihu biyu. In fitsari ya taso zai fita, sai ya cika aljihun, su buɗe su tare hanya, ya rage 'yar ƙofa. Kai da kake Jega ka san bawul ɗin da ke bakin tiyon injin ban ruwa a fadama, wanda ke barin ruwa ya bi gefe ɗaya ya hana shi komawa. To wannan bawul ne da aka dasa a juye: abu yana shiga daga waje cikin sauƙi, fita ce ke wuya. Shi ake nufi da PUV. Maza kaɗai yake samu, kusan ɗaya cikin jarirai maza 5,000 zuwa 8,000, kuma tun 1919 wani likitan Amurka, Hugh Hampton Young, ya bayyana siffofinsa. Ba abin da maiɗakinka ta ci ne ya jawo shi ba, ba aikin da ta yi ba ne, kuma yawanci ba ya maimaituwa a haihuwa ta gaba. Ka faɗa mata wannan da bakinka, don mata da yawa suna ɗora wa kansu laifin a ɓoye.

Mafitsara da ke turo fitsari ta ƙuntatacciyar ƙofa dare da rana sai naman jikinta ya yi kauri, kamar damtsen maƙeri. Matsin ya koma baya ya bi jijiyoyin da ke sauko da fitsari daga ƙoda, ya buɗa su, ya tara ruwa a kwarmin ƙodar. Wannan taruwar ruwan ita ce haidironefurosis, kuma milimitocin da aka rubuta maka faɗin wannan kwarmin ne. Daga mako 28 zuwa sama, abin da ya kai milimita 7 ana sa masa ido, abin da ya kai 15 kuma ana ɗaukarsa mai yawa. Kumburin ƙoda shi kaɗai a sikanin ciki abu ne da ake yawan gani, kuma fiye da rabin irin waɗannan yaran yana bajewa da kansa ba tare da an yi komai ba. Amma in abubuwa uku suka haɗu, wato namiji ne, ƙoda biyu ne, mafitsara kuma ta yi kauri ba ta juyewa, to ba ma zaman jiran ya baje. Duk da haka zargi ne har yanzu. Akwai yaran da fitsari ke komawa sama daga mafitsara zuwa ƙoda ba tare da wata toshewa ba, kuma hotonsu a ciki yakan yi kama da wannan ƙwarai. Sai an haife shi za a tabbatar.

A takardar taka, lambar da na fi dubawa ba 14 ba ce ko 17. Ita ce 11 ɗin nan ta ruwan mahaifa. Daga wajen wata na biyar na ciki, ruwan da ɗa ke iyo a ciki mafi yawansa fitsarinsa ne, kuma da wannan ruwan huhunsa ke buɗewa ya girma. Yaron da hanyarsa ta toshe sosai tun da wuri, ruwan yakan ƙafe, huhun ya tsumbure, kuma irin waɗannan abin da ke ɗauke su a kwanakin farko numfashi ne, ba ƙoda ba. Ana kiran ruwa ya yi ƙaranci in ma'aunin ya gaza santimita 5. Naku 11 ne, sikanin wata biyar kuma bai nuna komai ba. Wannan yana nuna ƙodar tana yin fitsari, fitsarin yana samun hanyar fita ko da da ƙyar ne, huhun kuma ya wuce lokacin da ya fi haɗari da isasshen ruwa. Alama ce mai kyau, ko da yake ba ta ba da tabbacin yadda ƙodar za ta kasance nan da shekara goma.

Shi ya sa ban yarda da ciro shi yanzu ba. Bakwaini ɗan mako 32 ga matsalar numfashi, ga kwalba, ga saurin kamuwa da cuta, sannan bututun fitsarinsa ya yi ƙanƙanta da na'urar da za a yi aikin da ita. Ka ƙara masa ciwo kan ciwo, ribar da ƙodar za ta samu kuma ba ta taka kara ta karya ba, don mafi yawan lahanin da ke samun ƙoda a wannan larura yana faruwa ne tun lokacin da ake ƙera ta, watanni kafin a gani a hoto. Wannan matsalar ita kaɗai ba dalilin tiyatar haihuwa ba ce. Za ta iya haihuwa da kanta in lokaci ya yi, sai fa in likitan mata ya ga wani dalili daban. Abin da ake bukata shi ne a riƙa maimaita sikanin duk mako biyu zuwa uku, a wuri ɗaya in da hali, ana bin ruwan. In ya fara ja baya sosai, likitan mata da na yara su zauna su yanke lokacin haihuwa.

Aikin da ke gabanka a makonnin nan shi ne shirya inda za a haihu. Ba gida ba, ba ƙaramin asibitin unguwa ba, kuma in al'adarku ce ta tafi gidan iyayenta goyon ciki da wanka, a yi haƙuri da wannan karon in ƙauye ne. Ana son asibiti mai sashen jarirai, mai ɗakin gwajin jini da ke aiki dare da rana. A mayar da awonta babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi tun yanzu, ku nemi ganin likitan yara kafin haihuwa, ku tambaye shi ƙarara: in an tabbatar PUV ne, a nan za a yi hoton mafitsara da aikin, ko za a tura mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato? Gara ka san amsar yau da ka neme ta da jaririn kwana biyu a hannu. Takardun sikanin duka a haɗa su cikin kayan haihuwa, kuma da an isa ɗakin haihuwa a nuna wa ungozoma, don mai karɓar haihuwa da tsakar dare ba lalle ta san labarin ba.

Yanzu maganar Hajiya. Yawancin yaran da ke da wannan tantanin suna yin fitsari. Famfas ɗinsu yana jiƙewa. Abin da ba sa yi shi ne juye mafitsara. Jariri namiji lafiyayye in ka buɗe shi yakan tsula fitsari ya yi baka, har ya jiƙa rigar mai riƙe da shi. Wannan kuwa sai ka ga yana yunƙuri, fuska ta yi ja, fitsarin yana ɗiga ko yana zirara a hankali, in ka taɓa mararsa bayan ya gama ka ji wani abu mai tauri kamar lemo ƙasan cibiya. Wasu ma fitsarin nasu yana fita da ɗan ƙarfi har ya ruɗi likita. Saboda haka ba ma dogara da ido.

Da an haife shi za a fara duba numfashinsa. Daga nan, a ranar farko, a zura masa siririyar roba ta gaba zuwa mafitsara, yawanci irin wadda ake ba bakwaini madara da ita, lamba 5 ko 6. Da yawa daga cikinmu mun fi son ta a kan kateta mai balan-balan, don balan-balan ɗin yakan sa mafitsara mai kauri ta riƙa murɗawa. Iyaye suna tsorata da ganin roba a jikin ɗan kwana ɗaya, amma wannan robar ce magani na farko kuma mafi girma: ta tsallake tantanin, matsin ya sauka daga kan ƙoda nan take. Wani lokaci robar takan naɗe a buɗaɗɗen wurin da ke sama da tantanin ba ta shiga mafitsara ba. Alamar ita ce fitsari ba ya taruwa a jaka, mara kuma tana nan a cike. In kun ga haka ku kira nas, kada ku jira zagayen safe. Za a kuma fara ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kaɗan kullum don kariya, irin su amoksisilin ko sefaleksin. Saftirin da aka saba saya a kemis ba na sabon jariri ba ne, yana iya tsananta shawara.

Sai sikanin jaririn kansa. A kumburin ƙoda na yau da kullum mukan jira bayan awa 48, don jariri a kwanakin farko fitsarinsa kaɗan ne, hoton yakan nuna komai lafiya alhali ba haka ba. Amma wanda ake zargin toshewa ba a jira da shi, ana yi a rana ta farko ko ta biyu, a sake daga baya. Gwajin jini na kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa, shi ma yana da tarkonsa: na kwana biyun farko na uwa ne ke yawo a jinin ɗan. Sai daga kwana na uku yake fara ba da labarin ƙodarsa shi, don haka ake maimaita shi tare da gishirin jini, musamman fotasiyam.

Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne hoton da ake rubutawa MCUG. Ana zuba wani ruwa mai fitowa a hoton ƙashi ta cikin robar har mafitsara ta cika, sannan a ɗauki hoto yana cikin yin fitsari. Nan ake ganin bututun ya buɗe kamar tulu a sama, ya tsuke farat ɗaya a inda tantanin yake, a kuma ga ko fitsari yana komawa ƙoda, abin da ake samu a kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin waɗannan yaran.

Bari in ba ka labarin wani yaro da na bi, daga wani ƙauye a yankin Argungu, don ka ga yadda lambobin ke tafiya. An haife shi da kilo 2.9, an sa masa roba awa huɗu bayan haihuwa. Washegari fitsari ya ɓalle. Jariri yakan yi mililita 1 zuwa 3 a kowane kilo cikin awa ɗaya, shi kuwa ya kai 7, wato kusan rabin lita a yini daga jikin da bai kai kilo uku ba. Kakarsa ta yi ta hamdala, ni kuwa hankalina ya tashi, don ƙodar da aka daɗe ana matsa in aka sake ta takan zubar da ruwa da gishiri ba birki, yaro ya bushe yana kan gadon asibiti. Muka riƙa auna fitsarin duk awa muna mayar masa da ƙarin ruwa, uwar tana ba shi nono. Kiriyatinin ɗinsa a rana ta uku 170 µmol/L, rana ta bakwai 105, rana ta goma 80. Suna ya same su a asibiti, mahaifinsa ya raɗa masa a nan gefen gado, aka yanka rago a gida. A rana ta goma sha biyu aka yi aikin.

Aikin ba yanka ciki ba ne. Ana sa yaro barci, a zura siririyar na'ura mai fitila ta gaba, a ga tantanin da ido, a tsaga shi a wuri biyu ko uku. A mayar da roba ta kwana ɗaya zuwa uku, a cire, a ga yadda yake fitsari. A wasu asibitocin ƙasar nan inda babu na'urar jarirai ana amfani da wani ɗan ƙarfe mai ƙugiya da ake kira balbotom na Mohan, wanda ke kama tantanin ya yage shi ba tare da an gani ba. Yana aiki a hannun wanda ya ƙware, sai dai ni na fi natsuwa da wanda aka gani da ido. In yaron ya yi ƙanƙanta, ko yana cikin ciwo, ko babu kayan aiki, akwai hanya ta biyu: a buɗe 'yar ƙofa a mara tsakanin cibiya da gaba, fitsari ya riƙa zuba kai tsaye cikin famfas, a rufe ta bayan wasu watanni in an tsaga tantanin. Iyaye ba sa son ganinta, amma tana ceton ƙoda, kuma kula da ita ya fi kula da roba sauƙi ga mai zama nesa da asibiti.

Ka roƙi a yi masa kaciya a lokacin aikin, yana cikin barcin nan. Kaciya da wuri tana rage kamuwa da cutar fitsari sosai a irin waɗannan yaran, don haka kada a jira ya kai shekara shida ko bakwai a haɗa shi da sa'o'insa wurin wanzami lokacin sanyi.

Yaron nan na Argungu ya koma gida yana tsula fitsari kamar kowa. A wata na huɗu kiriyatinin ɗinsa ya sauka zuwa 45. Wannan lambar, mafi ƙanƙanta da aka samu a shekarar farko bayan an buɗe hanya, ita ce ta fi kowace faɗin gaba. In ta sauka ƙasa da 70 µmol/L, wato 0.8 mg/dl, yawanci ƙodar tana da sauran ƙarfi mai yawa. In ta tsaya sama da 88, wato 1.0 mg/dl, haɗarin gazawar ƙoda nan gaba yana da girma. Ka lura da wani abu a nan: iyakar da ake bugawa a gefen takardar gwaji galibi ta manya ce. Za ka ga 90 ta faɗa cikin abin da aka ce daidai ne, alhali jariri lafiyayye mai 'yan watanni nasa bai cika wuce 20 zuwa 35 ba. Kada kowa ya karanta maka takardar in ba likitan yara ba.

Daga wata na huɗun nan ban sake ganinsu ba sai da yaron ya shekara huɗu. Ba laifi nake ɗora musu ba: ga kuɗin mota, ga aikin shinkafa, ga yaro yana wasa lafiya. Suka dawo da shi da zazzaɓi karo na uku cikin wata biyar, duk an ba shi maganin maleriya. Uwar ta ce ba ya rabuwa da kofin ruwa, kuma wandonsa kullum a jiƙe, dare da rana. Gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta a fitsari, sikanin ya nuna ƙodojin sun sake kumbura, kiriyatinin ya hau 95. Tantanin bai dawo ba. Mafitsarar ce ba ta taɓa warkewa ba.

Tsaga tantani aikin rabin awa ne, amma mafitsarar da ta yi watanni tana kokawa a cikin ciki takan zama mai tauri, ba ta miƙewa ta karɓi fitsari cikin sauƙi, daga baya kuma takan saki ta kasa juyewa duka. Ƙodar da ta taɓu kuma ba ta iya tattara fitsari, sai ta riƙa zubo shi da yawa tsararo kamar ruwa, ya cika mafitsarar da dare yaro yana barci, matsin ya sake komawa sama. A hankali ake asarar ƙoda ta wannan hanya ba tare da ciwo ba. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan larura ƙodarsu takan raunana kafin su girma, wasunsu har su kai ga wankin ƙoda ko dashe, kuma lokacin balaga, da jiki ke girma da sauri, yakan tona raunin da ya ɓuya. Abin da ƙodar ta rasa tun a ciki ba mai dawo da shi. Abin da ake rasawa bayan haihuwa ta hanyar cutar fitsari da matsin mafitsara kuwa ana iya tarewa. Shi wannan yaron mun sa shi kan oksibutinin mai sassauta mafitsara, da yin fitsari duk awa biyu zuwa uku, ya yi ya ɗan jira ya sake yi, uwar kuma ta koyi zura masa roba mai tsabta kafin barci. Cikin wata shida kumburin ya ragu, zazzaɓin ya tsaya, amma kiriyatinin bai koma 45 ba.

Don haka bayan sallama, wajen wata uku da aikin za a sake hoton MCUG ko a leƙa da na'ura, saboda a wasu yaran ana samun saura na tantanin da ke bukatar a sake tsagawa. Sannan sikanin, kiriyatinin, awon hawan jini, gwajin furotin a fitsari, nauyi da tsayi, akai-akai a shekarar farko, daga baya aƙalla sau ɗaya a shekara har ya zama saurayi. Ka sayi littafi ɗaya ka riƙa rubuta kwanan wata da lambar kowane gwaji, don likitoci suna canzawa, fayil yana ɓata, littafinka kuwa yana aljihunka.

A gida, nonon uwa zalla wata shida. Ba dauri, ba jiƙo, ba saƙe-saƙi, don ba wanda ya san abin da ke ciki, ƙodar nan kuma ba ta da rarar da za a yi gwaji da ita. Duk zazzaɓi a wannan yaron, a gwada fitsari tare da jinin maleriya, kafin a fara kowane maganin kashe ƙwayoyin cuta. In bai kai wata uku ba kuma zafin jikinsa ya kai 38, ko ya ƙi nono, ko yana amai, ko ya yi laushi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Don zafin jiki farasitamol, kada a ba shi ibufurofen ko dikulofenak. In za a yi masa allurar jentamaisin a wani wuri, ku gaya musu yana da larurar ƙoda kafin a ɗebo ta. Gudawa da amai a zafin Maris da Afrilu na Kebbi sun fi yi masa illa fiye da sauran yara, tunda ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa in jiki ya bukata, don haka a fara ruwan gishiri da sukari da wuri a kuma kawo shi. In ya girma yana fitsarin kwance, kada a doke shi, kada a hana shi ruwa da yamma, a kawo shi a duba mafitsarar.

Ita kuma Hajiya, ka zo da ita ranar ganin likitan yara ta ji da kunnenta. Ita ce za ta yi wankan jariri ta canza masa famfas a makonnin farko, kuma in ta san bambancin fitsari mai baka da mai ɗiga, ta san taurin mara ƙasan cibiya, ita za ta riga kowa gani.